Wasiƙar neman gwada manhajar amsa tambayoyi a banki: abin da take ƙunsa da yadda ake gina ta

Wasiƙar da ke neman manajan banki ya amince a gwada manhajar amsa tambayoyin kwastomomi takarda ce ta neman izinin gwaji na ɗan lokaci. Mai rubuta ta kan zama ma'aikacin bankin, musamman wanda ke zama a teburin kula da jama'a, ko kuma wani kamfanin fasaha daga waje da ke son a jarraba aikinsa. Manhajar da ake magana a kanta ita ce wadda mutum zai tura wa tambaya ta waya, galibi ta WhatsApp ko shafin banki, ta amsa masa nan take ba tare da ma'aikaci ya sa hannu ba. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Bankin UBA ya fito da Leo a farkon 2018, Zenith ya kawo ZiVA a 2021, wasu bankunan ma kowa da nasa. Saboda haka aikin wasiƙar shi ne ta nuna wa manaja cewa a reshensa akwai wata matsala da aka auna, kuma akwai hanyar gwada maganinta ba tare da an taɓa kuɗin kowa ba.

Abu na farko da mai rubutu zai tantance shi ne iyakar ikon wanda yake rubuta wa. A manyan bankunan kasuwanci, manajan reshe a Kano ko Gusau ba shi da hurumin haɗa wata sabuwar manhaja da na'urorin banki. Wannan hukunci na hedikwata ne, kuma sai ya bi ta sashen fasaha, sashen tsaron bayanai, sashen bin ƙa'idoji da lauyoyin banki. Abin da manajan reshe yake iyawa shi ne ya yarda a ƙirga tambayoyin da ke zuwa teburinsa, ya ware ma'aikaci, sannan ya tura shawarar sama da goyon bayansa. A ƙananan bankunan al'umma kuwa, inda babban manaja ke zaune a gini ɗaya da ma'aikatansa, tafiyar ta fi gajarta, ko da yake shi ma yana da hukumar gudanarwa a kansa. Wasiƙar da ta nemi manajan reshe ya ba da abin da ba ya hannunsa a aljihun tebur take ƙarewa. Don haka ake rubuta ta yadda zai iya ɗaukarta yadda take ya miƙa wa na gaba da shi ba tare da ya sake rubutu ba. A Najeriya a Turance ake miƙa irin wannan takarda, a Nijar kuma da Faransanci, amma ginin maganar ɗaya ne.

Ƙashin bayan wasiƙar shi ne ƙidaya, kuma kafin a ɗauki alƙalami ake yin ta. Ma'aikacin tebur yana ajiye takarda a gefensa na tsawon kwana goma na aiki, duk wanda ya zo da tambaya sai ya ja layi a ƙarƙashin irinta. Ana kuma rubuta kalmomin da mutumin ya faɗa yadda ya faɗe su, ban da sunansa da lambar asusunsa. A ɗauki misali na kwatance da wani reshe da ke bakin kasuwa, inda aka ƙirga tambaya 1,200 a kwana goma, wato 120 a rana. A ce 360 daga ciki koke ne na kuɗin da aka cire amma bai isa inda aka tura shi ba. Wasu 150 suna tambayar takardun buɗe asusu ko ɗaga matsayinsa, 130 suna neman bayanin kuɗin da aka zaftare musu, 80 suna tambayar lokacin buɗewa ko lambar da ake dannawa a waya, 90 kuma suna son sanin abin da za su kawo don gyara suna a BVN. Ragowar sun shafi kati da wasu buƙatu na musamman.

Daga nan ake raba tambayoyin gida biyu, kuma wannan rabon ne ke yanke girman gwajin. Akwai tambayar da amsarta ɗaya ce ga kowa. Wanda ya manta lambar BVN ɗinsa, amsarsa ita ce ya danna *565*0# da layin da ya yi rajista da shi, ko shi ɗan kasuwa ne ko ɗalibi. Wanda ya ga an cire masa naira 50 a kan tiransifa ta naira 10,000 ko fiye, bayanin da za a yi masa shi ne harajin gwamnati ne, ba cajin banki ba. Akwai kuma tambayar da ba ta amsuwa sai an buɗe asusun mutum an duba, kamar "ina kuɗina suka tsaya?" Gwaji na farko a rukunin farko kaɗai ya kamata ya tsaya. A misalin da aka kawo, rukunin ya ƙunshi 150 da 130 da 80 da 90, jimilla 450, wato 45 a rana. Idan kowace tana cin minti huɗu, awa uku ke nan na lokacin ma'aikaci kullum.

A nan ne masu rubutu da yawa ke zamewa, sai su rubuta cewa manhajar za ta ceto awa uku a rana. Ba za ta ceto ba, domin ba duk mai tambaya ne zai koma waya ba. Wani ba shi da babbar waya, wani ba ya karanta boko, wani kuma ya fi natsuwa idan ya ga fuskar mutum, musamman a kan maganar kuɗi. Idan aka yi hasashen mutum ɗaya cikin uku ne zai yi amfani da ita, abin da ya rage awa ɗaya ce. Wasiƙa mai gaskiya awa ɗayar take rubutawa, ta kuma bayyana cewa hasashe ne wanda gwajin zai tabbatar ko ya ƙaryata. Manajan da ya daɗe a aiki ya sha ganin alkawuran da aka kumbura, kuma ƙaramin adadi da aka nuna yadda aka same shi ya fi shiga kunnensa.

Rukuni mafi girma, wato koken kuɗin da ya maƙale, yana buƙatar kulawa ta daban a wasiƙar, domin manaja zai tambaya me ya sa aka bar shi a waje alhali shi ne ke cika zaure. Amsar ita ce manhajar za ta iya taimakawa da rabin aikin ba tare da ta leƙa asusu ba. Za ta iya gaya wa mutum wa'adin da aka tanada. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su mayar da kuɗin da ya maƙale a na'urar ATM ta bankin mutum nan take, na na'urar wani banki cikin awa 48, na POS kuma cikin awa 72. Za ta iya gaya masa abin da zai riƙo idan zai zo: risit, ranar da abin ya faru, da adadin kuɗin. Za ta iya sanar da shi cewa idan ya kai ƙorafi banki bai warware ba cikin mako biyu, yana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Banki. Abin da ba za ta yi ba shi ne ta ce masa kuɗinsa za su dawo gobe, tunda ba ta gani. Irin waɗannan wa'adodi kuma ana sabunta su lokaci zuwa lokaci, don haka wasiƙar take ambata sunan muƙamin wanda zai riƙa duba amsoshin duk lokacin da sabuwar sanarwa ta fito.

Buɗe wasiƙar ba ya buƙatar dogon yabo. Bayan adireshi da kwanan wata da kan magana, sakin layi na farko shi ne ke ɗauke da buƙatar gaba ɗayanta. Idan aka mayar da shi Hausa, zai yi kama da haka: "Ranka ya daɗe, ina neman izininka a gwada manhajar amsa tambayoyi ta WhatsApp a wannan reshe na tsawon mako takwas. Za ta amsa tambayoyi iri huɗu ne kawai, waɗanda ba sa buƙatar duba asusun kowa. Ba za a haɗa ta da na'urorin banki ba. Abin da nake roƙo shi ne ka amince da ware ma'aikaci ɗaya na awa ɗaya a rana, ka kuma miƙa wannan takarda ga sashen fasaha da na bin ƙa'idoji." Manajan da ya karanta wannan kaɗai ya riga ya san abin da ake so, tsawon lokacinsa, da iyakarsa. Sauran bayanai suna biyo baya, kuma duka wasiƙar bai kamata ta wuce shafi biyu ba. Takardar ƙidaya da jerin amsoshi a maƙala su a baya.

Bayan buƙata da ƙidaya, wasiƙar tana faɗin irin manhajar da za a gwada, domin iri biyu ne kuma haɗarinsu ya bambanta. Iri na farko yana da amsoshi da aka riga aka rubuta, banki ya duba ya amince da su. Aikin manhajar shi ne ta gane wace tambaya aka yi, ta ɗauko amsar da ta dace daga cikin jerin. Idan ta kuskure, kuskurenta shi ne ta kawo amsar wata tambaya daban ko ta ce ba ta gane ba. Iri na biyu shi ne mai aiki da ƙirƙirarriyar basira wadda ke tsara jimlolinta da kanta. Ta fi iya fahimtar magana ko da an karkata ta, amma tana iya ƙago abin da babu shi ta faɗe shi da cikakkiyar natsuwa: caji da banki bai sa ba, ko takarda da ba a nema. Wannan ba tsoro ne na banza ba. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta ɗora wa kamfanin jiragen sama na Air Canada alhakin bayanin da manhajar shafinsa ta bai wa wani fasinja ba daidai ba game da rangwamen tikiti, ta kuma ƙi karɓar hujjar cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta. Abin da manhaja ta faɗa da sunan banki, bankin ne ya faɗa.

Don haka shawarar da ta fi dacewa da gwajin farko ita ce a yi amfani da basirar wajen gane tambaya kawai, amsa kuwa ta fito daga jerin da aka amince da shi, kalma da kalma. Wasiƙar tana faɗin haka ƙarara, tana kuma faɗin wanda zai sa hannu a kan jerin.

Maganar harshe ita ce wurin da gwaji a Arewa ya fi saurin tuntuɓe, kuma ta cancanci sakin layi nata a wasiƙar. Kamfanin da ya kawo manhaja zai ce tana jin Hausa, ya nuna ta tana amsa tambayar da aka rubuta da ƙa'ida. Kwastoma kuwa ba haka yake rubutu ba. Ba ya sa ƙugiya a haruffa, don haka "kuɗi" da "kudi" duk ɗaya ne a wurinsa, wani ma "kudee" zai rubuta. Yana haɗa kalmomi: "ancire mun kudi bansamu alat ba". Yana gauraya Hausa da Turanci a jimla guda. Basakkwace da Bakano ba su faɗin abu ɗaya da kalmomi ɗaya. Da yawa kuma ba sa rubutu kwata-kwata, saƙon murya suke turawa, sau da yawa daga cikin hayaniyar kasuwa. Hanyar sanin gaskiyar manhaja ita ce a ɗauko tambayoyi 200 daga waɗanda aka rubuta a tebur yadda aka faɗe su, a ba ta, ma'aikata biyu su duba amsa ɗaya bayan ɗaya. Wasiƙar tana tanadar wa wannan mako biyu na farko, kafin ko kwastoma ɗaya ya ga lambar. Tana kuma yanke hukunci a kan saƙon murya tun daga farko: ko dai a miƙa shi kai tsaye ga ma'aikaci, ko a gwada shi daban. Barin sa ba tare da tanadi ba yana nufin waɗanda suka fi buƙatar taimako su ne za a yi wa shiru.

Miƙa magana ga ma'aikaci shi ne ƙofar fita, kuma dole wasiƙar ta bayyana yaushe take buɗewa. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: idan manhajar ta kasa ganewa sau biyu a jere, ko mutum ya nemi ya yi magana da mutum, ko ya ambaci sata, damfara ko ɓatan kati, sai ta miƙa shi. A na ƙarshen ba a jira, ana ba shi hanyar toshe kati ko asusu da lambar gaggawa ta banki a saƙon farko, domin ɓarawo ba ya jiran wayewar gari. Akwai kuma wata ƙa'ida ta WhatsApp da masu rubutu ke mantawa. Kamfani yana da awa 24 daga saƙon kwastoma na ƙarshe ya amsa masa yadda ya so. Idan wa'adin ya wuce, sai da saƙon da aka tsara aka kuma amince da shi tun da farko. Wanda ya turo koke da yammacin Juma'a, kafin ma'aikaci ya zauna ranar Litinin ƙofar ta rufe. Wasiƙar da ta san aikinta tana faɗin wanda zai duba saƙonni ranar Asabar, ko kuma ta tanadi saƙon sake buɗe magana.

Daga nan sai tsaro, wanda shi ne abin da sashen bin ƙa'idoji zai fara nema. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin ya sami hujjar tattara su a doka, ya taƙaita ga abin da yake buƙata, ya kuma kiyaye su. Lambar waya da abin da mutum ya rubuta duk bayanai ne. Don haka wasiƙar tana amsa tambayoyi uku a fili: ina za a ajiye hirarrakin, wa zai iya karanta su, kuma yaushe za a goge su. Idan kamfanin waje ne ke riƙe da manhajar, musamman idan na'urorinsa suna wata ƙasa, sai an faɗa, domin dokar tana da sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Ko da manhajar ba ta tambaya ba, mutane za su turo lambar asusu, hoton kati gaba da baya, har da lambar sirri, don suna ganin hakan zai sa a taimake su da wuri. Saƙon farko na kowace hira dole ya gargaɗe su cewa banki ba ya neman PIN ko OTP, kuma a tanadi yadda za a rufe irin waɗannan lambobi kafin a adana hirar.

Akwai haɗari na biyu da ke zuwa daga waje. Da zarar jama'a sun ji cewa banki yana amsa tambaya ta WhatsApp, 'yan damfara za su buɗe tasu lambar da tambarin bankin. Maganin da wasiƙar ke kawowa shi ne a sanar da lambar a cikin zauren banki kaɗai, a allo da kuma bakin ma'aikaci, sannan a kafa doka cewa manhajar ba ta fara tura wa kowa saƙo. Duk saƙon da ya zo wa mutum ba tare da shi ya fara magana ba, ya san ba na banki ba ne.

Sashen da ya fi kowanne wuyar rubutawa shi ne na ma'aunin nasara. Kamfanonin manhaja suna son ƙirga hirarrakin da suka ƙare ba tare da an miƙa ga ma'aikaci ba, su kira su waɗanda aka warware. Wannan adadi yana ruɗi, domin wanda ya gaji ya ajiye waya ya hau babur zuwa reshe shi ma yana ciki. Ma'auni mai amfani guda uku ne. Na farko, kowane mako ma'aikaci ya zaɓi hira 50 ba tare da duba ba, ya karanta, ya rubuta nawa ne amsarsu daidai, nawa ba a gane ba, nawa kuma aka ba da amsar da za ta iya jawo wa mutum asara ko zuwa banki a banza. Na biyu, a duba mutum nawa suka sake yin tambaya ɗaya cikin kwana biyu, domin maimaici alama ce cewa amsar farko ba ta biya ba. Na uku, a sake ƙidayar tebur a makonni biyu na ƙarshe, da takarda iri ɗaya, a ga ko 45 ɗin nan ta ragu.

Kwatanta ƙidaya biyun yana buƙatar lura da lokaci. Ƙarshen wata da ake biyan albashi ba ɗaya yake da tsakiyar wata ba, kuma makon jajibirin salla ba a kwatanta shi da kowane mako. Wanda ya ƙirga tambayoyi a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi layuka suka cika bankuna, da ya sami adadin da ba ya wakiltar rana ta yau da kullum. Saboda haka wasiƙar tana ambata ranakun ƙidaya biyun, ta tabbatar sun faɗa a wuri ɗaya cikin wata.

Tare da ma'auni akwai sharaɗin tsayawa, kuma ana rubuta shi da lamba tun kafin a fara. Misali, idan a mako guda aka sami amsa mai cutarwa fiye da biyu cikin 50 da aka duba, ko aka gano bayanan wani sun fita, a rufe lambar a ranar har sai an gano dalili. Ana faɗin wanda ke da ikon rufewa, da saƙon da kwastoma zai gani idan ya turo tambaya bayan an rufe. Wannan sakin layi ne ya fi kwantar wa manaja hankali, domin sunansa ne zai fito idan abu ya lalace.

Kuɗin gwaji ana jera shi ba tare da ɓoye komai ba: kuɗin kamfanin manhaja na mako takwas, kuɗin saƙonni, buga allon sanarwa, da lokacin ma'aikacin da zai riƙa dubawa da karɓar waɗanda aka miƙo. Na ƙarshen shi ake yawan mantawa, alhali idan manhaja ta ceto awa ɗaya amma kula da ita ya ci awa ɗaya, a lokacin gwaji ba a ci ribar lokaci ba, kuma ya kamata a faɗi haka. Ana kuma nuna abin da za a biya idan aka zarce bayan gwaji, don kada arhar farko ta rufe tsadar baya. Game da ma'aikatan tebur, waɗanda za su iya zaton ana shirin raba su da aikinsu, wasiƙar tana bayyana cewa su ne za su rubuta amsoshin, su ne za su duba ingancinsu, kuma lokacin da aka samu zai koma kan koke-koken kuɗin da ya maƙale waɗanda ke buƙatar mutum.

Wasiƙar tana rufewa da ranar da ake fatan samun amsa, da alkawarin rahoto na shafi ɗaya a ƙarshen mako na takwas. Rahoton zai ɗauki ƙidayar farko da ta biyu, sakamakon hirarrakin da aka duba, jerin tambayoyin da manhajar ta kasa, da shawara ɗaya daga cikin uku: a dakatar, a ƙara wa'adi bayan gyara, ko a faɗaɗa zuwa wani reshe. Sai sa hannu, suna da muƙami, da jerin takardun da aka maƙala.